Motar Laraba: Ina Ya Kamata Ɗango Ya Tsaya?

A fitowar da ta gabata wannan mujalla ta buga wata waƙa mai suna Motar Laraba, wadda wani yaronmu ɗan kasuwar albasa ya aiko bai sa sunansa ba. Tun daga ranar magana ba ta kwanta ba. Wasu dattawa sun ce wannan ba waƙa ba ce, wasiƙa ce aka daddatsa, har suna ba da shawara a daina ɓata takarda da irinta a mayar da shafin ga sanarwar aure da suna. Samari kuma sun ce ai haka ake yi yanzu, kowa ya yanke layinsa inda ya ga dama. Mu dai ba mu tare da kowane ɓangare gaba ɗaya. Waƙar tana da rai, kuma bai kamata a rufe shafin ba. Amma kusan rabin wuraren da yaron ya yanke ɗango bai san dalilin yankewar ba, kuma wannan ne ya ba dattawa abin kamawa.

Dattawan suna da hujja, sai a fara da ita. Waƙar da muka tashi da ita ba ta barin mawaƙi ya yi shawarar inda ɗango zai ƙare. Abu biyu ne ke yanke masa: ma'auni da amsa-amo. Ma'aunin nan shi ne arulin da Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra, ya tsara tun ƙarni na biyu na Hijira, ya fitar da bahari 15, aka ƙara ɗaya bayansa suka zama 16, malamanmu kuma suka ɗora Hausa a kai domin ita ma tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ku ɗauki kalmar "mutane": gaɓar farko gajera, biyun da ke binta dogaye. Wannan shi ne ƙafar baharin Mutaƙarab. In ka jera irinta huɗu, ɗango ya cika, ko maganarka ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Sai amsa-amo ya zo ya buga ƙusa a ƙarshe. Shi ya sa wanda ya saba da Burda ko Ishiriniya, ko Imfiraji ta Aliyu Namangi mai ɗango biyar-biyar, kunnensa yake sanin ƙarshen layi tun kafin a kai. Malaman aruli ma har aibi suke ƙirgawa idan ma'anar baiti ta rataya sai an shiga na gaba kafin ta cika, suna kiransa tadmini. Makaɗan baka su ma ba sakaka suke ba. Shata bai ɗaure kansa da amsa-amo irin na malamai ba, amma kalangu da 'yan amshi suna yanka masa magana daidai wa daida.

Sakakkiyar waƙa, wadda Larabawa ke ce wa shi'irul hurri, ita ce ta ajiye waɗannan. Ba yaranmu suka ƙago ta ba. A Iraƙi, a 1947, Nazik al-Mala'ika ta rubuta waƙa kan annobar kwalara da ta afka wa Masar, ta riƙe ƙafar bahari amma ta bar yawan ƙafafun ya bambanta daga layi zuwa layi, Badar Shakir as-Sayyab ma ya yi irin haka a wannan lokaci. Turawa kuwa tun littafin Walt Whitman na 1855 suke da wadda ta saki ma'aunin baki ɗaya, kuma irin wannan ce yaranmu suka gani a makarantar boko suke yi da Hausa. To ga inda wuyar take. In babu ma'auni, babu amsa-amo, babu ganga, abin da ya rage a hannun mai waƙa da zai bambanta ta da zube shi ne wurin da ya yanke layi. Kayan aikinsa ke nan. Wanda ya ce a yanke ko'ina, daidai yake da tela da ya ce almakashi ya bi inda ya so.

Mu da muka yi Islamiyya muna da abin da zai sauƙaƙa mana gane wannan, wato ilimin waƙafi da ibtida'i a tajwidi. Muna neman tsarin Allah daga kwatanta Littafinsa da waƙa, ba wannan muke yi ba. Abin da muke arowa shi ne darasin da ke ciki, cewa wurin tsayawa yana taɓa ma'ana. Malamai irin su Ibnul Jazari sun kasa waƙafin ganin dama gida huɗu. Akwai cikakke, inda magana ta ƙare lafazi da ma'ana. Akwai isasshe, inda jimla ta cika amma zancen na gaba yana da alaƙa da ita. Akwai kyakkyawa, inda abin da aka faɗa ya ba da ma'ana amma lafazinsa yana riƙe da na gaba. Akwai kuma mummuna, inda tsayawar ba ta ba da ma'ana ba, ko ta ba da wadda ba a nufa ba. Kowane ɗalibi ya san misalin aya ta 43 a Suratun Nisa'i, inda wanda ya yanke numfashi kafin sharaɗin maye ya zo zai mayar da hanin wani abu dabam. Mai sakakkiyar waƙa yana da damar amfani da ukun farko yadda ya so. Har na huɗun ma yana iya taɓawa da gangan, abin da mai karatu ba shi da izininsa. Amma da gangan muka ce.

Ga yadda waƙar ta buɗe, kamar yadda aka buga ta:

Baba ya ce zai dawo da
motar Laraba mai ɗauko
albasa daga Aliero, ya
ce in riƙe masa rumfa.

Mun zauna mun ƙirga. In ka haɗa haruffa da tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu, kowane layi a nan 22 ne cif. Wato ido ne ya yi yankan, yaron yana son gefen dama ya miƙe kamar an sa magwaji. Kunne ba a tambaye shi ba. Ku karanta da ƙarfi, ku ɗan tsaya a ƙarshen kowane layi kamar yadda rubutun ya umarta, za ku ji kamar mota mai shan iska a bututun mai.

Ku duba layin farko. Ya ƙare da "da". A Hausa "dawo da" abu guda ne, ma'anarsa mayar da abu. In ka tsaya a kan "zai dawo da", mai sauraro yana jiran ya ji abin da Baba zai mayar, sai ya ji "motar Laraba", ya ɗauka aron mota aka ba tsohon. Alhali nufin yaron Baba zai biyo motar ne. Layi na uku ya fi muni, domin ya raba "ya" da "ce". Wannan "ya" ba ta tsayuwa ita kaɗai a bakin Bahaushe, jingine take da aikatau ɗinta, kuma babu mai magana, komai gajiyarsa, da zai ja numfashi a tsakaninsu. Irin waɗannan ƙananan kalmomi, su "da", "a", "ga", "na", "ta", "mai", "wa", "ya", "sun", duk gaba suke kallo. Ƙarshen layi kuwa wuri ne mai tsada, shi ne bakin rumfa inda ake baje kayan da ake son mai wucewa ya gani. Ba a baje igiyar ɗaurin buhu a nan.

Ba tare da mun canza kalma ko ɗaya ba, ga yadda muke ganin ya dace:

Baba ya ce zai dawo
da motar Laraba
mai ɗauko albasa daga Aliero.
Ya ce in riƙe masa rumfa.

Yanzu layin farko ya tsaya a kan "zai dawo". Alkawari ne, ya tsaya shi kaɗai, kuma duk waƙar a kan karyewar wannan alkawari take. Tsayawar ta raba "dawo" da "da", rikicin aron mota ya kau. Layi na biyu ya ƙare da Laraba, ranar da za a jira. Na huɗu ya ƙare da rumfa, amanar da aka bari. In mutum ya karanta kalmomin ƙarshe kaɗai, dawo, Laraba, Aliero, rumfa, ya riga ya riƙe ƙashin labarin. Ku gwada haka da yadda aka buga: da, ɗauko, ya, rumfa. Wannan gwaji ne mai sauƙi da kowane yaro zai iya yi wa waƙarsa kafin ya aiko, ya bi gefen dama da yatsa daga sama zuwa ƙasa ya ga me ya tara a can.

Daga nan sai yaron ya farka, kuma wannan yanki shi ya sa muka ce kada a rufe shafin:

Laraba ta zo.
Motar ta zo.
Buhu tamanin na ƙirga,
ban ƙirga
Baba ba.

Layi biyun farko cikakken waƙafi ne, gaɓa 5 da gaɓa 4, kowanne da aya. Suna tafiya kamar sawun mutum mai ɗokin zuwa bakin mota, kuma da yake an ce abu biyu sun zo, kunne yana jiran na uku. Layi na uku ya buɗe zuwa gaɓa 8, hannu ya shiga aiki, ana lissafi. Sai layi ya tsuke zuwa gaɓa 3, kuma a nan ne yaron ya yi amfani da wani abu da Hausa ta ba shi kyauta. Korewarmu ƙafa biyu gare ta, "ba" a gaba, "ba" a baya. Da zarar Bahaushe ya ji "ban", ya san akwai bashin wata "ba" da za a biya shi, kuma hankalinsa ba ya kwanciya sai ta iso. Yaron ya tsaya a tsakiyar bashin. A ɗan shirun nan mai karatu yana tambayar kansa, me bai ƙirga ba, kuɗi ne, ko buhun da ya ruɓe? Sai amsa ta faɗo, mutum ne. Ga kuma sautin "Baba ba", "ba" sau uku a jere, kamar leɓen da ke rawa.

Domin a ga cewa yankan ne ya yi aikin, a gwada sauran hanyoyin. In aka rubuta "ban ƙirga Baba ba" a layi ɗaya, magana ce daidai, amma ta wuce da sauri, kamar ana ba da rahoto ga maigida. In aka yanke bayan "Baba" aka bar "ba" ita kaɗai a ƙasa, an ɓata wuri mai tsada a kan abin da kowa ya riga ya san yana zuwa, ga shi kuma an kashe sautin nan uku. In aka yanke bayan "ban", an koma laifin "ya" da "ce". Wuri huɗu ne ake iya yi, ɗaya ne kawai ke sa gaban mutum ya faɗi, kuma shi yaron ya zaɓa. Wanda ya iya wannan ba wasiƙa yake daddatsawa ba.

Sai wurin da aka fi yin magana a kansa a majalisa:

Direba ya sauko yana kakkaɓe hula,
ya ce tsohonka ya koma gidan
gaskiya.

Wannan shi ne mummunan waƙafi da aka yi da gangan. Harafin "n" da ke ƙarshen "gidan" aiki biyu yake yi a rubutunmu. Yana iya nufin gidan da muka sani, wanda aka riga aka ambata. Yana iya kuma zama mahaɗi, gidan wane ko gidan kaza. Da layi ya tsaya a kansa, ido yana ɗaukar ma'anar farko, zuciya ta ce alhamdu lillahi, ashe ƙauye ya koma. Sai kalma ɗaya ta sauko ta ƙwace wannan sauƙin. Yaron ya sa mu mun ji abin da shi ya ji a tsakanin kalma biyun direba. Dabara ce mai kyau, amma muna da magana biyu a kanta.

Ta farko, ba a ambaci gida ko sau ɗaya ba kafin wannan wuri. "Gidan" mai nufin wanda muka sani yana bukatar a ce an san shi. Da tun a farko yaron ya ce Baba ya tafi duba gida, da tarkon ya ɗanu sosai. Yadda yake yanzu, mai karatu mai kaifin hankali yana iya jin mahaɗi ne tun kafin ya sauka, ya fara zargin gidan yari ko gidan gaskiya. Wato yankan layi ba ya aiki shi kaɗai, abin da aka shuka a sama shi yake girba.

Ta biyu ta fi muhimmanci ga mu da muka fi sauraron waƙa a kan karanta ta. A baki, waɗannan "gidan" biyu ba ɗaya ba ne. In gidan da muka sani ake nufi, murya tana faɗowa a gaɓar ƙarshe. In mahaɗi ne, murya tana nan a sama ba ta sauko ba. Rubutun boko ba ya nuna wannan, shi ya sa ido ke ruɗuwa, amma mai karantawa a bainar jama'a dole ya zaɓi ɗaya. In ya faɗo da murya domin ya yaudare mu, "gaskiya" za ta zo kamar baƙuwa, jimlar ta karye. In ya riƙe murya a sama, babu yaudara, amma akwai wani abu da muke ganin ya ma fi ta, wato jira: kowa ya ji magana ba ta ƙare ba, kuma direba yana jin nauyin ƙarasawa. Duk wanda aka taɓa aika ya kai labarin rasuwa ya san wannan tsayawar. Shawararmu ga mai karanta ta a taro ita ce ya riƙe murya, ya tsaya gwargwadon bugun zuciya ɗaya, kada ya ja numfashi. Tsayawar ƙarshen layi inda babu aya ko waƙafi gajera ce, ba ta kai ta aya ba. Masu karatu da yawa kan yi ɗayan kuskure biyu, ko su tsaya tsaf kamar an gama jimla, ko su zarce kamar babu layin.

Abin da ya biyo baya ba laifin yaron ba ne. A takardar da ya aiko, wadda muka nemi gani, layi ɗaya ne dogo:

'Yan dako suna ta sauke kaya, mata suna taya albasa da Yarbanci, mai shayi yana bina kuɗin jiya,

Gaɓa 34 ba tsayawa. Bayan gajerun layukan da suka wuce, wannan kamar an buɗe ƙofar kasuwa ne hayaniya ta shigo. Dogon layi yana sa baki ya yi sauri, domin mai karatu yana son ya kai ƙarshe kafin numfashinsa ya ƙare, kuma saurin shi ne ma'anar: uban wani ya mutu, ciniki bai tsaya ba, har mai shayi bai yafe kuɗin jiya ba. Mutane kan ɗauka gajeren layi shi ne mai sauri. A ido haka ne, amma a baki akasin haka ne, domin kowane yanka birki ne. Layi biyar masu gaɓa uku-uku sun fi layi ɗaya mai gaɓa 15 cin lokaci.

To da aka zo bugawa, shafin mujallar nan ginshiƙi biyu ne, layin bai shiga ba, sai na'ura ta naɗe shi gida uku, kowane gida ya fara daga gefen hagu kamar sabon ɗango. Ɗaya ma ya ƙare a kan "suna". Mai karatu ba shi da yadda zai gane yankan mawaƙi daga yankan ginshiƙi. Gyaran ba wuya: in layi ya fi faɗin ginshiƙi, a tura ragowarsa ciki kaɗan daga gefe, kowa zai gane ci gaba ne. Ko kuma a ba waƙa faɗin shafi gaba ɗaya. Masu rubutu a waya su ma su kula, domin gilashin waya haka yake naɗe layi, kuma muna zargin a nan aka samo layukan nan masu 22 na farkon waƙar.

Bayan dogon layin yaron ya rubuta:

ni
na tsaya
cak.

Nan ya zarce. Niyyar daidai ce, a sa gajere bayan dogo domin a ji bambancin mai tsaye da masu kai-kawo. Amma "na tsaya cak" a layi ɗaya ya isa, gaɓa 4 a gaban 34. Kalmomi irin su cak, tsit, kaf, wuf, da ƙarfinsu suke zuwa, a baki ma da ɗaga murya ake faɗinsu, kuma wurinsu dama ƙarshen magana ne. In ka ƙara ware su a layinsu, ka yi ihu a kan ihu. Ban da haka, ɗazu kaɗan aka kashe wannan dabara a kan "gaskiya". Layi mai kalma ɗaya kamar rantsuwa ce a ciniki. Ɗan kasuwar da ke rantsewa sau ɗaya a shekara ana jin tasa, wanda ke yi wa kowane mai taya kuwa, har yara sun san farashin bai kai nan ba. A waƙa mai layi ashirin da 'yan kai, kalma ɗaya tak ta cancanci zama ita kaɗai, kuma "gaskiya" ta riga ta karɓi kujerar.

Wannan ya kawo mu ga ƙarshen labarin, inda yanka ɗaya ya yi kyau, na biyu ya jawo dariya a inda ake son hawaye:

Da ribar ranar na sayi
kwaɗo
na rufe rumfa.

Tsayawa a kan "sayi" gwaninta ce, ko yaron ya sani ko bai sani ba. Wannan aikatau yana canza wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ke biye da shi. Mukan ce "na saya" in babu komai a gaba, "na saye shi" in wakilin suna ne, "na sayi goro" in suna ne. Saboda haka "sayi" da kanta tana shelar cewa ga sunan abu nan tafe. Ba kamar "da" ko "ya" ba ce, tana da nama a jikinta, an san ciniki aka yi, saura a ji na me. Mai karatu yana zaton abin sadaka ne, ko kuɗin mota zuwa gida. Irin wannan shi ne kyakkyawan waƙafi, ya ba da ma'ana kuma yana ja gaba. Haka "nemi", "ɗauki", "tambayi" da 'yan uwansu suke, duk ƙugiya ce mai kyau a ƙarshen layi in abin da zai biyo baya ya cancanci jira.

Amma da ya bar "kwaɗo" shi kaɗai, sai ya buɗe masa ƙofofin da bai nufa ba. A rubuce, kwaɗon ƙofa da kwaɗon rafi da kwaɗon zogale duk ɗaya ne. Cikin jimla maƙwabtan kalma ne ke tsare ta. In ka ware ta a fili, duk ma'anoninta sai su taso. Wani abokin cinikinmu da ya karanta cewa ya yi, "Yaro an ce ubansa ya rasu, shi kuma ya tafi sayen kwaɗon rama?" Dariyar da aka yi a wurin ta kashe waƙar. A "gidan" harshen damo ya yi wa mawaƙi aiki domin ma'anar ƙarya tana cikin labarin, ita ce fatan da yaron ke yi. A "kwaɗo" ma'anar ƙarya ba ta da alaƙa da komai. Da ya rubuta

Da ribar ranar na sayi
kwaɗo na rufe rumfa.

da "rufe" ta tsare "kwaɗo" tun ido bai ɗaga ba, kuma da waƙar ta sauka a kan "rumfa", kalmar da baitin farko ya sauka a kai. Uba ya ce a riƙe, ɗa ya rufe. A nan ya kamata alƙalami ya tsaya. Layi huɗun da ya ƙara a ƙasa, masu cewa duniya ba wurin zama ba ce, gaskiya ne, mu ma muna faɗa a kan mumbari, amma a can kowane yanka ya koma na ido, domin babu sauran abin da ake jira.

Ga masu niyyar aiko da tasu a fitowa ta gaba, akwai gwaji ɗaya da ya fi na bin gefen dama da yatsa. Ka sa takarda ka rufe waƙar, ka riƙa ja ƙasa layi ɗaya-ɗaya, kana karantawa da murya. A kowane layi ka tambayi kanka, wanda bai ga na ƙasa ba, me yake zato yanzu? In amsar ita ce ya ji magana ta cika ya huta, yankan ya halatta. In yana jiran wani abu kuma na ƙasa zai biya shi, ko ya ba shi abin da bai zata ba, yankan ya yi kyau. In ya fahimci wani abu dabam da ba ka so, ko bai fahimci komai ba sai tuntuɓe, ka matsar da wuƙar gaba ko baya da kalma ɗaya ka sake gwadawa. Sannan ka ba wani ya karanta maka ba tare da ka yi masa bayani ba, zai fi kyau dattijo wanda Hausarsa ba ta gauraya da Yarbanci ko Turanci ba, domin yaranmu da aka haifa a nan sukan yi waƙafi a inda Turancin makaranta ya saba yi. Inda ya yi tuntuɓe ka sa alama.

Shi kuma mai Motar Laraba, muna roƙon editoci su sake buga masa ita in ya gyara, a faɗin shafi, da dogon layin nan a miƙe yadda ya rubuto shi. Allah ya jiƙan mahaifinsa, in labarin nasa ne.